Wata shida ina ce masa Mushe Kusu

Malam, barka da aiki. Ni ke riƙe da magaza a wani shantiyen gini nan Zinder. Injiniyan da ke sa hannu a kan bon ɗin siminti da ƙarfe ɗan ƙasar Sin ne. A takarda sunansa ya fara da Xu, kashi na biyu kuma ya fara da Q. Ranar da ya zo na karanta shi yadda aka koya mana a lakwal, na ce Ksu, bakina ya mai da shi Kusu. Leburori suka ɗauka, yanzu kowa Mushe Kusu yake ce masa, wasu har da dariya in ya juya baya. Shi bai taɓa cewa komai ba, yana amsawa. Wata shida ke nan. Mako mai zuwa za mu je gaida mai garin da muke ɗibar yashi a ƙasarsa, kuma ni zan gabatar da shi da Hausa. Kunya ta hana ni tambayarsa. Ta ina zan fara?

Mai riƙe da magaza, daga Garin Malam

Ƙanena, sai da na ajiye takardarka na yi dariya tukuna, ka yafe mini. Shi kansa mushen da muke ce wa malaman lakwal da ma'aikatan biro, in baƙon Kano ya ji shi karon farko sai ya zaro ido, ya ɗauka dabbar da ta mutu ba yanka ake nufi. To ka haɗa shi da ɓera. Amma ka lura da abin da ya sa mu nan Damagaram ba ma jin komai in an ce mushe: kunnenmu yana raba na lakwal da na juji, don tsawon wasali da hawa da saukar murya ba ɗaya ba ne. Wannan kunnen shi ne jarinka a maganar nan, zan komo kansa.

Mu fara da takardar, tunda ita ta yaudare ka. Haruffan da ka gani iri ɗaya ne da na Faransanci a ido, amma wata ƙa'ida suke bi. Ana ce mata pinyin, tsarin da ƙasar Sin ta amince da shi a 1958 don rubuta harshenta da haruffan boko, kuma da shi ake rubuta sunaye a fasfo ɗinsu. Waɗanda suka tsara shi sun ba wasu haruffa aikin da ba ruwansa da abin da mushe ya koya maka a aji. Kai ma ka san irin wannan a gida. A taswira an rubuta Dogondoutchi da Tchadoua, a baki muna cewa Dogon Dutsi da Cadawa. A katin ɗan ƙasa an rubuta Chaïbou, uwarsa tana kiran Sha'aibu. Wanda bai san ƙa'idar marubucin ba, duk yadda ya iya karatu sai ya kauce.

A pinyin x ba ks ba ne. Ya fi kusa da sh ɗinmu na cikin shinkafa, sai dai ya fi shi laushi: kan harshe yana kwance bayan haƙoran ƙasa, tsakiyar harshe ne ke tasowa. Ka riga ka sha jin sa ba ka lura ba. Duk sanda aka ambaci shugaban ƙasarsu a rediyo, Xi Jinping, ai Shi kake ji, ba Ksi ba. Shi ke nan an gama da harafin farko.

Wasalin ne ke da ɗan aiki, kuma a nan ɗan Zinder ya fi ɗan Kano sa'a. Duk u ɗin da ya biyo bayan x, ko q, ko j, ko y a pinyin, ba u ɗin tuwo ba ne. U ɗin Faransanci ne, wanda aka sha bugun hannunmu a kansa a firamare. Ka faɗi kalmar nan tamu shi, ka ja wasalin, kada ka motsa harshe daga inda yake, sannan ka tattara leɓe kamar za ka yi fito. Sautin da ya fito shi ne sunan mutumin. Ka yi a gaban madubi, don abin da ke faruwa shi ne leɓe ya tattaru harshe kuma ya gudu baya, sai ka koma Shu na Hausa zalla. Ko kuma harshe ya tsaya leɓe ya ƙi tattaruwa, sai ka ce Shi. Wannan na biyun shi ne halin bakinmu, shi ya sa ofis ya zama biro a wurinmu alhali masu harshen da u ɗin nan suke faɗarsa. Dukansu biyun sun fi Kusu nesa ba kusa ba, amma kowannensu sunan wani gida ne daban a ƙasar Sin. In ka ce Shi ma, leburori za su fara tambayarka, shi wa?

Q ɗin kashi na biyu c ɗinmu ne na ciki da cinya, tare da ɗan hucin iska. Ka riƙe takardar bon a gaban bakinka, in ta motsa da ka faɗa, ka yi daidai. Ba ka ba ni sauran haruffan ba, kuma ka kyauta da ka ɓoye. A ce dai Qiang ne, wanda yake da yawa a sunayen mazansu: gaɓa ɗaya ce, kamar ka ce cyan, da irin n ɗin da muke rufe can da nan da shi, wanda ke fita ta hanci daga can baya. Ba a furta g ɗin ƙarshe. Amma kada ka wahalar da kanka a wannan kashin, don da wuya ka buƙace shi.

Dalili kuwa, su sunan gida suke sa wa a gaba, sunan yanka ya biyo baya. Xu ɗin nan shi ne na kakanni, wanda shi da ubansa da ƴaƴansa duk suke ɗauke da shi. Na biyun nasa ne shi kaɗai, kuma kiran babban mutum da shi tsirara sai iyaye da abokai na kusa. A nan ka yi dace ba da saninka ba, tunda kashin da ya kamata ka kama shi ka kama. Da na biyun ka ɗauka, da kamar yaron shago ne ya tsaya a tsakiyar Kasuwar Dole yana ƙwala wa maigidansa kira da sunan da aka raɗa masa ranar suna. Mu da muke da matan da har su mutu ba su faɗi sunan ɗan fari ba, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

To, duk abin da na faɗa zuwa yanzu zai kai ka bakin ƙofa ne kawai. Akwai abin da takardar ba ta ɗauke da shi, wato karin murya. Harshensu kamar namu yake, hawa da saukar murya na canza ma'ana. Ka ce kuka na hawaye, ka ce kuka ta miya. Ka ce wuya mai ɗauke da kai, ka ce wuya ta wahala. A rubuce ba bambanci, a kunne ko yaro ba ya ruɗewa. Su kari huɗu ne da su, kuma uku daga ciki suna bakinka tun kana goye. Na ɗaya murya ce a sama a miƙe, kamar kai ɗin da nake ce maka, kai ƙanena. Na huɗu faɗowa ce daga sama, kamar kai na bisa wuya, ko mai na mota. Na uku a cikin magana yana zama ƙasa ne, kamar gaɓar farko ta wuya mai nufin wahala. Na biyu ne kaɗai baƙo a wurinmu, murya mai tashi daga tsakiya zuwa sama a cikin gaɓa guda. Mafi kusa da shi shi ne na'am ɗin da kake yi in an kira ka ba ka ji da kyau ba, in ka matse shi ya zama gaɓa ɗaya.

Abin da ya sa na tsaya a nan: akwai manyan gidaje biyu a ƙasar Sin da duka ake rubuta su Xu a fasfo. Ɗaya da kari na biyu ake faɗarsa, ɗaya da na uku, kuma a rubutunsu na asali ko kama ba su yi ba. Ni daga nan ban isa in ce maka ga gidan da injiniyanku ya fito ba. Tafintan da bai tambaye shi ba shi ma bai isa ba, haka duk wanda ya dogara da takardar kaɗai. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, suna kuwa a bakin mai shi kaɗai ake samunsa cikakke. Don haka tambayar da kake gudu ba makawa sai an yi ta, kuma ka sani ba tambayar jahilci ba ce. Su kansu a tsakaninsu, in baƙo ya faɗi sunan gidansa, sukan tambaye shi wanne daga ciki, ya zana musu da yatsa a tafin hannu.

Yanzu kunyar. Wata shidan ne ke danne ka, na sani. Kana ganin tambayar za ta tona cewa duk tsawon nan ba daidai kake faɗa ba. To ai ya sani tun ranar farko. Mutum ba ya kasa jin an karya sunansa. Shirun da ya yi kara ce irin tamu: su ma suna ƙin kunyata mutum a gaban jama'a, musamman wanda kullum za a haɗu da shi a kan aiki, kuma mai yiwuwa ya riga ya saba, tun daga filin jirgi kowa da irin yadda yake murɗa sunan. Ba wani asiri da za ka fasa. Abin da zai zama sabo a wurinsa shi ne a ce yau ga wanda ya damu ya gyara.

Ka zaɓi lokacin da kuke ku biyu. Kada ka yi da safe sa'ad da kamiyo ke jiran a sauke kaya kowa na ihu, kada kuma ka yi a gaban leburori, don za su mai da abin wasa, shi kuma zai gaggauta cewa ba komai don a wuce wurin. Lokacin da ya gama sa hannu a bon na ƙarshe da yamma ya fi, alƙalami na hannunsa, takarda na gabansa. Kana da hujja a shirye wadda ba ta buƙatar dogon ban haƙuri, wato tafiyar mako mai zuwa. Da Faransancin da kuke yi, ko da taimakon tafinta in dole, ka ce masa abu mai kama da haka: “Injiniya, ranar da za mu wurin mai gari ni zan faɗi sunanka a gaban manya, kuma ina jin yadda nake faɗarsa ba daidai ba ne. Don Allah faɗa mini shi yadda ake faɗarsa a gidanku.” In kana son ka ƙara, jimla ɗaya ta isa: “Da na tambaya tun farko, ka yi haƙuri.” Daga nan ka yi shiru. Mai yawan ban haƙuri yana ɗora wa wanda ya ɓata wa aikin lallashinsa, sai a ɓata minti biyar a kan ba komai, ba komai, sunan kuwa ba a taɓa shi ba.

Ka lura na ce yadda ake faɗarsa a gidanku. Da gangan ne. In ka ce masa yaya sunanka, zai ba ka wanda ya riga ya sassauta don bakin baƙi, wataƙila ma ya maimaita maka Ksu ɗin da ya ga kun fi ganewa. Wasunsu kuma suna da sunan aro na Faransanci da suke miƙa wa kowa don a huta. In ya ba ka irin wannan ya ce shi ya fi so, to shi ke nan, sunan da mutum ya zaɓa a kira shi da shi nasa ne, ba a yi masa gardama. Amma ka ba shi damar zaɓar, kada ya zama gajiya ce ta zaɓar masa.

In ya faɗa, kada ka yi saurin maimaitawa. Ka saurara sau biyu tukuna, ka kalli leɓensa. Sannan ka miƙa masa takarda ka roƙe shi ya ɗora alamar kari a kan wasalin. Duk wanda ya yi firamare a can ya san ta. In ya rubuta ú, da ƴar sanda mai hawa, kari na biyu ne, na na'am. In ya rubuta ǔ, da ƴar ƙwarya a kai, na uku ne, na ƙasa. Sai ka nemi izni ya faɗa a cikin wayarka, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya yadda yake faɗa in yana sauri. Izni na ce, kada ka ɗauki muryar mutum a ɓoye. A ƙarƙashin rubutunsa kai kuma ka rubuta abin da kunnenka ya ji da haruffan Hausa, ko da ajami in shi ya fi zauna maka, don ranar taro naka rubutun za ka duba. In ka dubi nasa, x ɗin nan zai sake jan harshenka zuwa lakwal.

Akwai tarko ɗaya a faɗar a hankali. Kari na uku, in an faɗe shi shi kaɗai ana ja, yana sauka har murya ta ɗan shaƙe sannan ya ɗago a ƙarshe, sai ka ɗauka na biyu ne tunda ka ji hawa. A cikin magana kuwa hawan nan yakan ɓace, ya zauna ƙasa abinsa. Shi ya sa na ce ka karɓi faɗa biyu, kuma mai saurin ita ce wadda za ka kwaikwaya.

Tambaya ta biyu tana nan tafe da ta farko, kuma sau da yawa ta fi ta amfani: “A wurin aiki, yaya ka fi so a kira ka?” Su muƙami bayan sunan gida suke sa shi. Injiniya a shantiyensu sukan ce masa Xu gong, gong ɗin guntun kalmarsu ce ta injiniya, a kunnenmu kamar gun mai n ɗin can, murya a sama. Ka kasa kunne gobe ka ji yadda ƴan uwansa ke kiransa, wataƙila shi za ka ji. Za ka kuma iya jin ana sa lao ko xiao a gaban sunan wani, na farko ga wanda ya manyanta, na biyu ga yaro. Waɗannan na sabo ne, kamar yadda abokai ke cewa tsoho ko ƙaramin, kada ka ɗauko su don ka ji wani ya faɗa. Mai ce masa xiao wataƙila shugabansa ne da ya girme shi da shekara ashirin, kai kuwa ba ka kai nan ba.

Da ka gwada faɗa, zai ce ya yi kyau sosai. Kada ka yarda da wannan, ladabi ne. Mu ma in Bature ya ce sanu da aki ai cewa muke ya iya Hausa kamar jakin Kano. Hanyar samun gaskiya daga mai kara ita ce ka ba shi zaɓi: ka faɗa iri biyu, ka ce wanne ya fi kusa, na farko ko na biyu? Wannan zai iya amsawa ba tare da ya ce ka yi kuskure ba. Gwaji na gaske kuma yana zuwa washegari. Ka sami wani ɗan ƙasarsu a shantiyen, ba tare da ka nuna kowa da hannu ba, ka ce kana neman wane. In ya gane nan take ya nuna maka inda yake, ka iya. In ya ɗaure fuska yana maimaitawa yana lalube, to da sauran aiki, ka koma kan wayarka. Daga baya ka kira shi kansa daga bayansa sa'ad da hankalinsa ke kan wani abu. Suna linzami ne, in ka ja daidai wuya zai juyo kafin mai shi ya yi tunani.

Ni na taɓa faɗawa wani ramin daban, shekarun baya da nake aiki da wata ƙungiya. Na je na koyo sunan wani abokin aiki ɗan Sin daga bakin ɗan ƙasarsu da ya fito daga arewacin ƙasar, na zo ina ta lanƙwasa harshe ina alfahari. Ashe mutumin daga kudu yake, inda da yawa ba sa lanƙwasa harshe a sh da zh, suna faɗarsu kusa da s da z. Ya saurare ni ya yi murmushi ya ce haka ake faɗa a talabijin, amma a gidansu ba mai kiransa haka. Ƙasar tana da faɗi, bambancin bakinsu ya fi na Damagaram da Dogon Dutsi nesa. Don haka in abin da ya faɗa maka ya ɗan saɓa da abin da na rubuta a sama, ka bar nawa ka bi nasa.

Kuma kada ka ɗauki ƙa'idar nan ka shafa wa kowane baƙo. Tun da aka buɗe matatar mai a hanyar Tanut a 2011 idonmu ya saba da ƴan Sin, amma garin nan na ganin wasu. Ɗan Taiwan mai wannan sunan gidan yakan rubuta shi Hsu. A wurin Turkawa c shi ne j ɗinmu, shi ya sa sunan shugabansu da ake rubutawa Recep ba wani abu ba ne illa Rajab da muka sani. Mai jin Sifaniyanci kuma j ɗinsa kusa da h yake. Kowane rubutu da maigidansa.

Saura leburori, kuma a ganina nan ne nauyinka ya fi yawa, tunda daga bakinka abin ya fita. Karya suna bisa kuskure daban, ci gaba da kiran mutum ɓera ana dariya a bayansa daban. Na biyun ya shiga abin da aka hana mu a Suratul Hujurati, aya ta 11, jifan juna da miyagun laƙubba, kuma ayar ba ta ce sai in mai laƙabin yana jin harshen ba. Amma kada ka tara su ka yi wa'azi. In ka ce daga yau an hana cewa Kusu, ka ƙara wa sunan gishiri ke nan, sai ya bi shi har ranar da zai bar ƙasar. Ka fara da mutum biyu ko uku da ake jin maganarsu, shugaban leburori, babban direba, mai gadin ƙofa. Ka ce musu kai ne ka karanta ba daidai ba tun farko, ka tambayi mai sunan, ga yadda yake. Ɗora laifin a kanka zai sa su karɓa ba tare da jin an zarge su ba. Sannan kai ka riƙa faɗar daidai da ƙarfi kullum, a gaban kowa. In u ɗin Faransanci ya gagari wanda bai yi lakwal ba, Injiniya Shu ya wadatar, ko Injiniya kawai. Wasu za su riƙe tsohon har abada, ba ka da iko da bakin kowa.

Ko ka gaya masa abin da kusu ke nufi? Ni ban ga amfanin kai masa ba. Zai sa ya waiwayi wata shida yana tuna duk wanda ya yi murmushi da ya wuce, kuma ba abin da zai gyara da sanin. Amma in shi ya tambaya, kada ka yi masa ƙarya, don wataƙila tafinta ya riga ya gaya masa yana gwada ka ne. Ka ce e, kalmar ta yi kama da sunan wata ƴar dabba a Hausa, daga kuskuren karatunka ta fito, shi ya sa ka zo gyarawa.

Kafin ku tashi daga zaman, ka ba shi naka. Ina da tabbacin shi ma yana fama da sunanka, musamman in akwai r ko ɗ ko ƙ a ciki, ko kuma yana ta karanta ou da dj na katinka yana mamaki. Ka faɗa masa a hankali yadda innarka ke faɗa, ka bar shi ya gwada, ka yi masa irin karar da ya yi maka. Da haka zaman zai tashi daga mai laifi da wanda aka yi wa laifi, ya koma mutum biyu da harshe ke ba wa wuya.

Ranar zuwa wurin mai gari, ka maimaita sunan sau uku a mota kafin ku sauka, a gabansa, ya ji. In kun zauna an gama gaisuwa, ka ce ga Injiniya wane, mutumin ƙasar Sin, shi ke duba aikin gininmu. Ka sa muƙamin a gaba yadda Hausa ke yi, tunda da Hausa kake magana, ka faɗi sunan gidan kaɗai, a hankali, sau ɗaya. Mai gari ko wani dattijo zai maimaita, kuma zai karya shi, wataƙila ya ce Shu'aibu ma ya huta. Kada ka gyara wa babba a gaban jama'arsa. Ka bari sai magana ta sake kawo sunan, ka faɗe shi daidai ka wuce. In kuma dattawan suka raɗa masa na Hausa, ka juya ka fassara masa cewa karramawa ce, ka gaya masa ma'anar sunan tun a wurin, kafin ya amsa shi.